Yadda ake dawo da farin robar tsohuwar fanka da kayan wuta idan ta koma ruwan ɗorawa

Fanka ko rediyo ko rimot da aka saya fari tas, bayan wasu shekaru sai ka ga jikinsa ya koma ruwan ɗorawa, wani ma har ya yi ja-ja-ja, a wanke da sabulu a dirje amma launin yana nan daram. Dalili shi ne ba dauɗa ba ce, robar ce kanta ta canza. Yawancin jikin kayan wuta da wata roba ake yinsa mai suna ABS, ita kuma hasken rana da zafi da iska suna cin fatarta ta sama a hankali har launi ya juya. Sa'ar da aka yi ita ce canjin a sama-sama yake tsayawa, bai cika shiga can ciki ba, shi ya sa ake iya gyarawa da wani sinadari mai kore launi da ake kira haidirojin feroksaid, tare da hasken rana. Masu tara tsofaffin kwamfutoci ne suka yaɗa dabarar wajen shekarar 2008, suna kiranta Retr0bright.

Zan yi bayanin ne a kan fankar tsaye, domin tana da kusan duk matsalolin da mutum zai haɗu da su a sauran kaya: manyan ɓangarori, ƙananan maɓallai, rubutu a jiki, da ƙarfe da ke manne da roba.

Kayan da za ka tanada

Babban kayan aiki shi ne feroksaid ɗin, kuma iri biyu ne za su yi maka amfani. Akwai na ruwa wanda ake wanke ciwo da shi, yawanci ƙarfinsa 3% ne ko 6%. Akwai kuma mai kauri kamar man shafawa wanda masu gyaran gashi ke haɗa rini da shi, ana ce masa dibelofa. A jikin robarsa za ka ga an rubuta 20 vol ko 30 vol ko 40 vol, ma'anarsu 6% da 9% da 12% kenan. Ga mai farawa ni na fi son 30 vol ko 40 vol, kuma kar ka nemi abin da ya wuce 12%, wanda ya fi haka ƙona fata yake yi sosai kuma ba ya ƙara wa aikin kyau. Ka duba ranar lalacewarsa, tsohon feroksaid da aka daɗe da buɗewa ya riga ya zama kusan ruwa.

Sai safar hannu ta roba da tabarau na kare ido, waɗannan biyun ba zaɓi ba ne. Sai sukundireba mai baki huɗu da mai baki ɗaya, sabulun wanke-wanke, tsohon buroshin haƙori, soso mai laushi, buroshin fenti mai faɗin kamar inci ɗaya ko biyu, ledar nan siririya mai mannewa wadda ake rufe kwano da ita, da baho ko akwatin roba wanda ake ganin ciki. Idan da sifirit ka ajiye kusa, yana cire maiƙo da ragowar gam. Ka sa tsofaffin kaya a jikinka don ɗigo ɗaya yana kore launin tufa.

Idan babu ledar mannewa, farar leda mai shara-shara wadda haske ke ratsawa za ta yi. Baƙar leda ko mai launi ba za ta yi ba, tana tare hasken kuma tana tara zafi.

1. Ka tabbatar da irin matsalar kafin ka kashe lokaci

Ka samu wani lungu a jikin fankar ka goge da sabulu da ruwan ɗumi, sannan ka bi da sifirit a tsumma. Idan tsumman ya ɗauko launin ruwan ƙasa wurin kuma ya yi haske, toh hayaƙi ne ko maiƙo ya daskare, wanki kawai yake so. Idan tsumma ya fito fes amma launi bai motsa ba, shi ne aikinmu.

Bayan haka, da zarar ka buɗe, ka leƙa cikin murfin inda rana ba ta taɓa taɓawa ba, ko ƙarƙashin sitika. Wannan launin na ciki shi ne asalin launin kayan kuma shi ne inda za ka tsaya. Na nanata wannan saboda kaya da yawa tun daga masana'anta ba farare ƙal ba ne, ruwan madara ne ko toka-toka mai haske, mutum sai ya yi ta maimaita aiki yana neman farin da bai taɓa kasancewa ba har ya ƙona robar.

A cikin murfin kuma sau da yawa akwai tambarin irin robar da aka zuba, kamar >ABS< ko >PP< ko >HIPS<. ABS ita ta fi karɓar wannan aiki. HIPS ma tana yi amma a hankali. PP kuwa, wadda ake yawan yin fukafukan fanka da ita, ba ta cika sauyawa sosai ba, kuma idan ka ga samanta yana gari-gari kamar alli in ka karce da farce, ta riga ta mutu da rana, feroksaid ba zai yi mata komai ba. Haka in fenti ne a jikin kayan ba launin roba ba (za ka gane in ciki baƙi ne ko toka waje kuma fari), wannan sabon fenti yake so.

2. Kwance fankar

Ka zare filogi daga soket tukuna, kashe maɓalli kaɗai bai isa ba. Ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki, musamman inda wayoyi suka shiga maɓallan gudu, za ka gode wa kanka lokacin haɗawa.

Ka fara da ragar gaba, ka saki ƙugiyoyin gefe ko ɗan notin da ke ƙasa. Daga nan sai murfin da ya riƙe fukafukai a tsakiya, kuma a nan ne mutane ke fasa abu: zarensa a juye yake, ana kwance shi ne ta juyawa ɓangaren da hannun agogo ke tafiya, wato akasin yadda aka saba. In ka ji ya ƙi, ka duba kibiyar da ke jikinsa kafin ka sa ƙarfi. Bayan fukafukai sun fita akwai babban notin roba da ya riƙe ragar baya, shi kuma yadda aka saba ake kwance shi. Sai ɗan maɓallin da ake dannawa fanka ta riƙa juya kai, wani da ƙaramin sukuru a tsakiyarsa wani kuma ja kawai ake yi. In ya fita, sukuru ɗaya ko biyu ne suka rage a bayan murfin mota, wato injin da ke juya fukafukai, sai murfin ya zame.

A kusa da motar za ka ga wani ɗan akwati baƙi mai wayoyi biyu, kafasito kenan, yana iya riƙe wuta ko bayan an zare filogi, kar ka taɓa bakinsa da yatsa. Gindin fankar kuma yawanci akwai nauyi na ƙarfe ko siminti a ƙarƙashi, ka cire shi.

Ƙa'idar ita ce roba zalla za ta shiga wannan aiki. Mota, waya, maɓallan ciki, sifirin, sukurori, duk a ware su a kofi ɗaya. Feroksaid yana sa ƙarfe tsatsa da sauri, yana ɓata tagulla da jan ƙarfe, kuma tsatsar tana iya zubowa ta bar tabo a kan robar da kake ƙoƙarin farantawa. In akwai ƙarfen da aka dasa cikin roba wanda ba ya fita, ka shafe shi da ɗan basilin ko ka rufe da salatif.

Ka bi ƙananan haƙoran roba da ke kama murfi a hankali, tsohuwar roba tana da gautsi. Kuma in kayan da ke hannunka tsohuwar talabijin ce mai ƙeya ko na'urar ɗumama abinci, ka ba mai gyara ya cire maka murfin, wutar da ke ajiye a cikinsu tana kisa.

3. Wanki

Wannan matakin ne ake rainawa, alhali rabin kyan aikin a nan yake. Duk inda maiƙo ya rage, feroksaid ba zai taɓa robar ba, sai ka gama ka ga tabon yatsa ko layi mai duhu. Ka jiƙa ɓangarorin cikin ruwan ɗumi da sabulu kamar minti ashirin zuwa talatin, ka bi ramukan iska na murfin mota da buroshin haƙori ɗaya bayan ɗaya don nan ƙura da man mota ke taruwa, ka ɗauraye, sannan ka goge da sifirit inda hannu ke yawan taɓawa. Kar ka sa sifirit a kan rubutu, wani rubutun yana goguwa.

Kar ka kusanci tina ko asiton ko ruwan goge farce ko fetur. ABS narkewa take yi da asiton, goga ɗaya ya isa ya bar wurin yana danƙo yana sheƙi, kuma ba ya gyaruwa. Soson ƙarfe ma haka, yana cinye ƙananan ƙurajen da aka yi wa saman robar don ado sai wurin ya bambanta da sauran.

Sitikar takarda in kana so ta tsira ka ɗumama ta kaɗan da na'urar busar da gashi ka ɓare ta a hankali ka ajiye. In ka bar ta a jiki za ta jiƙe ta kode. Rubutun da aka buga a jikin roba kamar 0 1 2 3 na maɓallan gudu yawanci yana jurewa, amma ja da shuɗi suna iya kodewa, don haka ka fara gwadawa a kan abu ƙarami.

4. Zaɓar hanya: tsomawa ko shafawa

Hanyoyi biyu ne manya. Ko ka nutsar da kayan cikin feroksaid na ruwa, ko ka shafa mai kauri ka rufe da leda. In da hali ni tsomawa nake zaɓa kullum, domin ruwa yana taɓa ko'ina daidai wa daida kuma ba ya bushewa, abin da ke ɓata wannan aiki kuwa bushewa ne. Matsalarta kawai tana cin feroksaid da yawa. Saboda haka a fanka sai in raba: maɓallai, notin tsakiya, zoben daidaita tsayi da murfin mota su shiga ruwa, gindi da dogon wuyan da maɓallai ke jiki kuma waɗanda ba za su shiga baho ba a yi musu shafi.

5. Yadda ake tsomawa

Ka nemi mazubi da ya yi daidai da girman kayan, kar ya yi faɗi da yawa don kar ka ɓarnatar da ruwa. In na 3% ne a hannunka haka za ka zuba shi ba sirki. In ka samu na ruwa mai 12%, kashi ɗaya nasa da kashi uku na ruwa zai ba ka 3%, wato lita ɗaya ta zama lita huɗu, in kuma ka yi rabi da rabi ka samu 6% wanda ya fi sauri. Ruwan ya rufe kayan gaba ɗaya da kamar yatsa biyu.

Da ka ajiye a rana za ka ga ƙananan kumfa suna taruwa a jikin robar, alama ce aiki ya kama. Amma kumfan nan suna ɗaga kayan sama, ɓangare ya leƙo waje, in ka bar shi haka sai ka samu layi a daidai inda ruwa ya tsaya, ƙasa fari sama ɗorawa. Ka danne da kofin gilashi ko ka manna ƙananan maɓallai a ƙasan mazubin da salatif mai fuska biyu, kar dai ka danne da ƙarfe mai tsatsa. Duk bayan minti talatin zuwa arba'in ka zo ka girgiza kumfan su tashi, ka juya kayan ɗaya gefen ya kalli rana.

Ka rufe bakin mazubin da leda don kar ruwa ya tafi, amma kar ka toshe shi gam. Feroksaid yana fitar da iska yayin da yake aiki, mazubi ko kwalba da aka ɗaure sosai tana iya kumbura ta fashe. Saboda wannan dalilin ne ma ba a mayar da wanda aka yi amfani da shi cikin kwalba a rufe ruf.

6. Yadda ake shafawa

A nan ake buƙatar natsuwa. A inuwa za ka yi shafin, in ka yi a rana gefen da ka fara zai soma aiki yana bushewa kafin ka kai ƙarshe. Ka shimfiɗa leda a ƙasa, ka ɗora gindin fankar, ka zuba dibelofa a ƙaramin kwanon roba ka riƙa ɗiba da buroshi kana shafawa, kauri ɗaya ko'ina, yadda zai rufe launin robar amma ba ya kwarara. Ka shiga lunguna da gefuna. Sannan ka naɗe da leda, ka bi da hannu a hankali kana kore iska da ƙudurewar ledar, domin duk inda leda ta tattare man yana taruwa a wani wuri ya yi ƙaranci a wani, zanen tattarewar kuma yana fitowa a jikin robar.

Ka fitar rana. Duk minti talatin ka zo ka murza man ta saman ledar ba tare da ka buɗe ba, ka juya kayan kwata guda don inuwa kar ta zauna a gefe ɗaya. In ka hango wani wuri ya fara bushewa ko man ya janye, ka mayar inuwa ka buɗe ka ƙara. Bayan kamar awa biyu ka wanke gaba ɗaya ka duba, in bai kai ba ka sake sabon shafi. Zagaye gajeru biyu ko uku sun fi dogon zagaye ɗaya da aka manta da shi a rana, kuma duk wanda ka ga aikinsa ya fito dabbare-dabbare, in ka bincika za ka tarar shafawa ya yi ya tafi harkarsa.

Maganar rana kuma, tsakar rana mai ƙuna ba lallai ta fi ba. Zafi yana hanzarta aikin gaskiya, amma yana busar da man kuma siririyar roba tana iya lanƙwashewa a ƙarƙashin leda, musamman dogayen abubuwa kamar murfin batir na rimot ko dogon maɓallin kibod. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in ka ɗora hannu a kai ka kasa barinsa na 'yan daƙiƙoƙi, zafin ya yi yawa, ka ja shi inuwa ya huce. Kar ka ajiye a kan kwanon rufi ko bonet ɗin mota ko baƙin dandamali, katako ko farin kwali ya fi. Hantsi da bayan la'asar sun fi sauƙin sarrafawa ga mai farawa.

7. Yadda za ka san ya yi, da lokacin tsayawa

Jiƙaƙƙiyar roba tana yaudarar ido, tana nuna fari fiye da yadda take. Ka wanke, ka goge ta bushe, ka kai inuwa mai haske ka kwatanta waje da ciki. In sun yi kusa da juna ka tsaya nan, ko da ya rage ɗan kaɗan.

A fanka ɓangarorin ba sa gamawa tare. Murfin mota shi ne ya fi daɗewa saboda zafin kwayil ya gasa shi shekara da shekaru bayan na rana, musamman samansa. Gindi yawanci yana saurin yi. Maɓallai kuma kowanne da halinsa don ba lallai ne daga roba ɗaya aka zuba su ba. Abin da ya yi ɗorawa mai sauƙi yana iya gamawa cikin awa biyu zuwa huɗu a rana mai kyau, wanda ya kai ruwan ƙasa kuwa sai ya ci yini biyu ko fiye. Duk wanda ya kai ka cire shi ka ajiye, ka ci gaba da sauran, a ƙarshe ka jera su wuri ɗaya ka gani ko launinsu ya zo ɗaya, domin a jikin fanka ɗaya za su zauna kuma ido ya fi saurin ganin bambanci tsakanin ɓangarori biyu fiye da ɗan ragowar ɗorawa.

Alamar ka wuce gona da iri ita ce farare-fararen tabo kamar gajimare, ko saman robar ya yi fari busasshe marar sheƙi. Wannan ba ragowar mai ba ne da zai wanku, fatar robar ce ta ƙone. Ya fi yawa a roba mai toka-toka ko mai launi, shi ya sa ba na ba da shawarar a yi wa baƙa ko shuɗiya ko ja wannan aiki kwata-kwata. In tabon kaɗan ne man goge roba na mota yana ɓoye shi. In kuma matsalar akasin haka ce, wato wasu layuka sun rage da ɗorawa saboda man bai kai gare su ba, kar ka bi layukan da buroshi ɗaya-ɗaya, ka tsoma ɓangaren gaba ɗaya cikin na ruwa mai 3% na ɗan lokaci, yakan daidaita su.

8. Ɗauraya, busarwa da haɗawa

Ka ɗauraye da ruwa mai yawa, ka sake bin ramukan sukuru da ramukan iska da buroshi domin man yana maƙalewa a nan, in ya rage zai sa sukurorinka tsatsa daga baya. Ka girgiza ruwan ya fita, ka bar su a inuwa inda iska ke kaɗawa su kwana, gobe ka haɗa. Ruwa yana ɓuya cikin ramin sukuru fiye da yadda ake zato, kuma wuta za ka mayar wa kayan nan.

Tunda fankar a kwance take, ka share ƙurar mota ka ɗiga man inji ɗigo biyu a bushin gaba da na baya, motar da ba ta zafi sosai ba ta saurin gasa murfinta. Wajen ɗaure sukuru ka fara juyawa baya kaɗan har ka ji ya faɗa tsohon zarensa sannan ka ɗaure, kuma da ka ji ya kama ka tsaya, tsohuwar roba tana tsagewa a daidai nan.

In wani abu ya yi ƙaranci

In babu rana, ko kana zaune inda ba ka da wurin shanya, ana yi da fitilar UV, wato mai fitar da irin hasken nan na rana da ido ba ya gani, irin wadda aka rubuta 365nm zuwa 395nm a jikinta, a cikin kwali da aka lulluɓe cikinsa da takardar alminiyam don haske ya zagaye. Ya fi ɗaukar lokaci amma ya fi sauƙin sarrafawa tunda babu ƙuna. Kar ka kalli fitilar kai tsaye, kuma kar ka yi amfani da irin ta kashe ƙwayoyin cuta, tana ƙona ido da fata cikin ɗan lokaci.

In feroksaid ɗinka kaɗan ne kayan kuma babba, akwai hanyar tururi. Ka zuba ɗan feroksaid na ruwa mai 12% a ƙasan akwatin roba mai shara-shara, ka ɗora kayan a kan kofuna yadda ba zai taɓa ruwan ba, ka rufe ba gam ba, ka sa a rana. Tururin ne zai yi aikin. Tana da jinkiri, sau da yawa sai an yi kwanaki, amma ba kasafai take barin dabbare ba matuƙar raɓar da ta taru a murfi ba ta ɗigo a kan kayan ba, don haka ka ɗan karkata akwatin raɓar ta gangara gefe.

In ba ka samu feroksaid ba sam, garin wanki mai cire tabo wanda aka rubuta yana aiki da iskar oksijin yana sakin feroksaid in ya narke a ruwan ɗumi. Ƙarfinsa kaɗan ne, sai an riƙa sabunta ruwan, amma yana rage ɗorawa mai sauƙi. Ko rana kaɗai ma tana ɗan haskaka wasu robobin in aka shanya su yini ɗaya ko biyu ana juyawa, sai dai sakamakon ba ya kai na feroksaid.

Abin da ba na so ka yi shi ne komawa ga bilic na wanki. Yana iya nuna fari da farko amma yana ƙara wa robar gautsi kuma wani lokacin ɗorawar ma ƙaruwa take yi. Kuma dan Allah kar ka haɗa feroksaid da bilic ko da binega ko wani ruwan wanke banɗaki da sunan ƙara masa ƙarfi, haɗin yana iya tafasa ya fantsamo ko ya fitar da abin da ke ƙona ido da huhu. In feroksaid ya taɓa fatarka za ka ga wurin ya yi fari yana zafi, ka wanke da ruwa mai yawa zai wuce. In ido ne ka yi ta kwarara ruwa na minti goma sha biyar sannan ka je asibiti. Ka ajiye baho inda yara da dabbobi ba za su kai ba domin na ruwan kamar ruwan sha yake a ido.

Shin ɗorawar tana dawowa?

Tana dawowa, kuma gara ka sani tun yanzu. Aikin nan launi yake korewa, bai mayar da robar sabuwa ba, kuma bai ƙara mata ƙarfi ba. Wata tana yin shekaru tana fari, wata cikin watanni ta fara juyawa, har wadda aka ajiye a duhu ma tana iya komawa. Abin da ke jinkirta shi shi ne nisanta fankar daga taga da rana ke faɗowa, rage mata zafi, da shafa man kare roba daga rana irin wanda ake shafa wa dashbod ɗin mota lokaci-lokaci. Kuma kowane zagaye yana ɗan cin fatar robar, don haka ba abin da za a riƙa yi duk shekara ba ne.

In robar ta riga ta yi gari, ko ta yi dabbaren da ya ƙi gyaruwa, ko kana son farin da zai daɗe a kan abin amfani na kullum wanda ba tsohon kayan tarihi ba, fenti ya fi. Ka goge da sanfefa mai laushi lamba 600 zuwa 800 da ruwa, ka wanke ka busar, ka fesa firama ta roba, wato fentin farko da ke sa na sama ya kama, sannan farin fenti siriri-siriri sau biyu ko uku daga nisan kamar taƙi ɗaya, kana barin kowanne ya sha iska. Ka rufe rubutun maɓallai da salatif kafin ka fara. Fukafukai dai ka bar su ba fenti, in ya yi kauri a gefe ɗaya nauyinsu zai bambanta fankar ta riƙa rawa tana ƙara, gara ka sayi sababbi masu girma ɗaya da rami ɗaya ka sa.